Sikirinshot ɗin menu da yaren Cana: Lens, kwafo rubutu, ko a tura wa mutum?

Kawuna yana sayen kayan mayafai daga Guangzhou tun ina sakandare, shagonsa na Kantin Kwari, kuma duk cinikinsa da mutanen can a WeChat yake yi, af ɗin hira na 'yan Cana. Kwanaki ya canja waya, yaron shagonsa ya saka masa WeChat ɗin, ban san me aka taɓa ba komai ya koma Sinanci. Bayan isha'i sai ga sikirinshot a WhatsApp da saƙon murya, "kai duba min nan, ina zan danna ya dawo Turanci, gobe da safe zan yi magana da mutumin." Ni ma ba na jin yaren Cana, abin da na sani bai wuce 'yan alamomin da ido ya saba da su ba saboda yawan gani. To daren nan ne ya sa na zauna na gwada hanyoyin da ake bi ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da na lura shi ne fassarar ita ce ƙaramin aikin, babban aikin shi ne rubuta wa mutum jerin abin da zai danna ta yadda zai iya bi a kan allon da har yanzu da Sinanci yake.

Hanyar da kowa ya fi sani ita ce ta Google, ko dai Lens ko kuma kyamarar cikin Google Translate, kusan abu ɗaya ne. Ka buɗe, ka danna Camera, ka zaɓi hoton daga cikin hotunan wayarka, sai ya goge rubutun asali ya ɗora fassarar a daidai wurin da kowace kalma take. Daɗinta ke nan, ba sai ka yi ta lissafin wane layi ne ya zama wane ba, kana ganin menu ɗin kamar dama can da Turanci aka yi shi. A sikirinshot ɗin Kawu layin ƙasa mai abu huɗu ya fito tsaf: 微信, 通讯录, 发现, 我, wato hira, lambobin mutane, wajen kalle-kalle, sai na ƙarshe a hannun dama wanda yake nufin "ni". Ko minti ɗaya ban yi ba. In kai ne mai wayar kuma kai ne za ka danna, kuma ba maganar kuɗi ba ce, gaskiya ba ka buƙatar wata hanya bayan wannan.

Matsalarta tana fitowa ne in wani za ka yi wa bayani. Abin da ya sa take da daɗi shi ne kuma aibinta, tana rufe rubutun asali. Ni ina kallon Settings, Kawu yana kallon 设置, in na ce masa "danna Settings" ban ce komai ba don babu wannan kalmar a allonsa. Akwai ɗan makunni da aka rubuta Show original text, shi za ka riƙa kunnawa kana kashewa kana haɗa kowace fassara da alamarta, in ba haka ba za ka tashi da ganewa a kanka amma babu abin da za ka tura.

Sai kuma batun gajerun kalmomi. Menu ba jimla ba ne, kalma ɗaya ce ko biyu a tsaye su kaɗai, injin fassara kuma da abin da ke kewaye da kalma yake gane ma'anarta, in babu sai ya yi canki. Kalmar 通用 misali, a WeChat ɗin Turanci General aka rubuta, amma asalin kalmar tana ɗaukar ma'anar "wanda ake amfani da shi ko'ina", don haka kar ka yi mamaki in ka ga Universal ko Common. A Taobao, kasuwar intanet ta Cana, kaya ana kiransu 宝贝, wanda a maganar yau da kullum "abin ƙauna" ne ko jariri, shi ya sa masu oda suke yawan ganin "baby" a shafin takalmi su yi ta dariya. Wannan ba ta cutarwa. Mai cutarwa ita ce irin 8折, mutum ya ga takwas ya ɗauka ragin kashi 8 ne ko kashi 80, alhali nufinta za ka biya kashi 80 cikin ɗari na farashin, ragin kashi 20 ne kawai.

Wani zai ce me ya sa ba za a fassara kai tsaye zuwa Hausa ba tunda Google Translate yana da Hausa tun 2013. Yana da ita, kuma ga saƙon mutum mai ɗan tsawo tana taimakawa, amma ga menu ni Turanci nake zaɓa ko da wanda zan yi wa bayanin ba ya jin Turanci. Dalili, kalmomin menu a Turanci sun riga sun zauna, Settings, General, Log out, kowa ya san su a haka kuma in ka nemi bidiyon koyarwa da su za ka samu, mu kuwa abu ɗaya wani ya ce saiti wani ya ce saituna wani tsare-tsare, sannan kuskuren da aka yi a gajeriyar kalma sai ya ƙara nisa kafin ya iso Hausa. Na fi son in karanta da Turanci in gane, sannan ni da bakina in mayar wa Kawu da Hausar da yake ji. 'Yan'uwa na Maradi da Damagaram su sa Faransanci a madadin Turancin, lissafin ɗaya ne.

Hanya ta biyu ita ce kwafo rubutun maimakon a rufe shi. A iPhone tun iOS 15 akwai Live Text, ka buɗe hoton ka danne yatsa a kan rubutun sai ya zaɓu kamar saƙo, ka yi Copy ko Translate. A Android Lens ɗin nan dai yana yi, ka zaɓi rubutu ka yi Copy text. Ta fi ta farko jan lokaci ba kaɗan ba, layi-layi kake bi, kuma in ka zaɓi duka lokaci guda sai ya zubo maka su a jere ka rasa wane ne a sama wane ne a gefe. Amma tana ba ka abin da ta farko ba ta bayarwa, alamar kanta a hannunka. Za ka iya liƙa 设置 a cikin saƙon WhatsApp, Kawu ya kalli saƙon ya kalli allonsa ya haɗa su kamar yadda ake haɗa kalar zare da yadi, ba sai ya iya karantawa ba. Za ka kuma iya saka kalmar a bincike ka ga me masu amfani da af ɗin suke cewa a kanta, wanda ga kalma mai haɗari shi ne abin yi. Fassarar Apple ɗin kanta ba ta da Hausa, amma tana da Sinanci da Turanci da Larabci da Faransanci, to ga wannan aikin ta isa.

Akwai Circle to Search a wasu wayoyin Android, wanda ya fara fitowa a farkon 2024 a Galaxy S24 da Pixel 8, ka danne ƙasan allo ka danna alamar fassara ya juya maka duk abin da ke kan allon ba tare da ka ɗauki sikirinshot ba. Ga mai wayar da ke da shi ya fi komai sauri. Ga matsalar Kawu bai ƙara min komai a kan Lens ba, wayar tana hannunsa a Kano ni ina wani gari, hoto kawai nake da shi.

WeChat ma yana da tasa fassarar hoto, ka danne hoton da aka turo maka a hira sai zaɓin fassara ya fito, kuma ga wanda ya je Cana wannan babban abu ne domin ayyukan Google a toshe suke a can, wayoyin da aka yi don kasuwar cikin gidansu ma yawanci ba sa zuwa da Play Store. Sai dai ka lura yana fassarawa ne zuwa yaren da aka saita masa, in af ɗin yana kan Sinanci ne to zuwa Sinanci zai so ya kai ka, zaɓin da za ka danna ɗin ma da Sinanci yake. Wato sai ka fita daga ramin tukunna igiyar za ta yi maka amfani. Mai shirin tafiya ya sauke yaren a Google Translate tun yana gida don ya yi aiki ba data, ya kuma tabbatar WeChat ɗinsa na kan Turanci kafin ya hau jirgi.

Hanya ta uku mutum ne, ejan ɗinka na can, ɗalibin da ya yi karatu a Cana, ko shi mai sayar maka da kayan. Ita ce mafi jinkiri, tsakaninmu da Cana awa 7 ne, lokacin da Kawu ya turo min hoton can wajen ƙarfe huɗu na asuba ne kowa na barci. Kuma ba ta zama kyauta kullum, ko ba a karɓi kuɗi ba ka ci bashin alfarma, sannan duk abin da ke cikin hoton ya gani. Amma mutum ya san abin da inji bai sani ba, ya san me zai faru bayan ka danna. Misalin da nake bayarwa kullum shi ne 退出登录 da 注销账号. Na farko fita ne daga akawun, ka dawo ka shiga duk lokacin da ka so. Na biyu soke akawun ɗin ne gaba ɗaya. Abin haushin kalmar 注销 ita kaɗai tana iya ɗaukar ma'anar fita a wasu manhajojin kwamfuta, don haka fassara tana iya ba ka Log out ko Cancel a wurin da ake nufin gogewa. Wani abokina ya kusa yin haka a af ɗin wani kamfanin dakon kaya, yana son ya fita ya shiga da wata lamba, fassarar ta ce masa fita, sai da shafi ya buɗe da dogon gargaɗi da akwatin da za a sa alamar amincewa sannan jikinsa ya ba shi ya tsaya ya tambaya. Alamar ke nan da za ka riƙe: fita ba ta buƙatar dogon rubutu, in ka ga an jero maka sharuɗɗa ana neman lambar SMS don kawai ka "fita", koma baya.

Haka nan duk shafin da ke da 转账 ko 提现 ko 充值, wato tura kuɗi, cire kuɗi, da zuba kuɗi, ni ba na dogara da hoton fassara shi kaɗai. Zan karanta da Lens in san inda nake, in kwafo kalmar in bincika, in kuɗin da yawa kuma in tambayi mutum. Dama galibin af ɗin banki a Android ba sa bari a ɗauki sikirinshot, ko ya ƙi ko hoton ya fito baƙi ƙirin, ba wayarka ce ta lalace ba da gangan suka toshe. A nan sai dai ka ɗauki allon da kyamarar wata wayar, ka rage hasken ɗaki don kar ya yi ƙyalli, kuma kafin ka tura wa kowa ka rufe ragowar kuɗi da lambar akawun.

Yanzu ga yadda na rubuta wa Kawu, da kuskuren da na fara yi. Da farko na buɗe nawa WeChat ɗin na Turanci na ƙirga, na ce masa ya danna na ƙarshe a ƙasa, sai na ƙarshe a jerin, sai na kaza daga sama. Biyun farko sun yi daidai, na uku ya kai shi wani shafi daban, ya turo murya yana cewa "ni fa wasu 'yan makunnai nake gani a nan." Laifina ne, wayata da tasa ba iri ɗaya ba ce, kuma jerin saiti yana canjawa tsakanin Android da iPhone, yana canjawa ma daga wannan sabuntawa zuwa waccan. Ƙirga layi bai da tabbas sai in a kan hotonsa shi ka ƙirga. Sai na ce Kawu yi haƙuri, duk shafin da ya buɗe ka turo min hotonsa kafin ka danna komai, muka yi hotuna huɗu, sannan na haɗa masa wannan:

```
1. 我    ƙasa, can hannun dama
2. 设置   ƙarshen jeri, alamar giyar inji
3. 通用
4. 多语言
5. English
6. 保存   sama, hannun dama
```

A ƙarƙashin kowane layi na ƙara masa abin da zai gani in ya danna daidai, da muryata na yi wannan don ya fi son saurare. Bayan na ɗaya zai ga hotonsa da sunansa a sama. Bayan na biyu doguwar jerin rubutu ba hotuna. Bayan na huɗu zai ga sunayen yaruka kuma a nan zai gane English da idonsa tunda kowane yare da rubutunsa ake rubuta shi. Wannan "abin da za ka gani" ɗin shi ne yake hana mutum ɓata, don in mataki ɗaya ya kuskure a nan take zai sani, ba sai ya yi nisa ya taɓa abu uku ba. Na shidan kuma mutane suna yawan mantawa, su zaɓi English su danna baya, ba abin da ya canja su ce bai yi ba. A wasu wayoyin 完成 za ka gani a wurin maimakon 保存, ɗaya "an gama" ɗaya "adana", aikinsu ɗaya a nan.

Na kuma sa masa abin da ba zai taɓa ba, kuma ina ganin wannan ya kai jerin kansa muhimmanci. A can ƙasan shafin 设置 akwai 退出, in ya fita to shiga na iya neman fasawod ko lambar da za a turo ta SMS, shi kuwa fasawod ɗin ya manta tun tuni, layin da ya buɗe akawun ɗin da shi ma sai an nemo. Sai duk inda ya ga 清空 ko 删除, sharewa da gogewa ke nan, hirar WeChat a kan wayar take zaune, in ka share ba tare da ka yi ajiya ba ta tafi, shi kuma duk lissafinsa da hotunan samfurin kaya a cikin hirar nan suke. In wani akwati ya faɗo da zaɓi biyu bai san su ba, na ce ya nemi 取消 ya danna, shi ne fasawa, 确定 kuwa amincewa ce. Waɗannan biyun in mutum ya haddace kamanninsu sun isa su fitar da shi daga rabin matsala.

Abin da ya fi komai aiki daga ƙarshe ma ba rubutun ba ne, zane ne. Na ɗauki sikirinshot ɗinsa na asali, ba wanda aka fassara ba, na zagaye wurin da jan alƙalami a WhatsApp na rubuta lambar matakin a gefe na mayar masa. Ga wanda ba ya karatun boko sosai wannan ya fi jerin rubutu, amma na lokaci ɗaya ne, in af ɗin ya sabunta wurare suka motsa hoton ya mutu, alamar 多语言 kuwa ko an kai ta wani shafi tana nan yadda take. Shi ya sa na tura duka biyun.

Ingancin hoton ma yana da ruwa, musamman ga Sinanci da alamominsa ke da ƙananan zane, ɗigo ɗaya ya ɓace an koma wata kalma. WhatsApp yana matse hoto, in ka ga fassarar tana fito da shirme ko tana tsallake layi ka ce a turo shi a HD ko a matsayin Document. Kar a yanke hoton ya zama kalma ɗaya tal, taken shafin da ke sama yana taimaka maka ka san ina ake. Kuma kar ka bar shi a kan Detect language in ka san yaren, zaɓi Chinese (Simplified) da hannunka, don Japananci ma yana amfani da irin waɗannan alamomin, in rubutun kaɗan ne yana iya rikicewa. In ka ga 設定 maimakon 设置 to ko dai Sinancin Taiwan da Hong Kong ne ko Japananci, jerin da na bayar a sama ba zai yi kama da allonka ba sak.

In af ɗin na Larabci ne kamar yadda masu zama a Saudiyya ko Sudan ke cin karo da shi, wahalar karatu ta ragu don yawancinmu mun san baƙaƙen, amma akwai tarko ɗaya, komai a juye yake. Abin da ke hannun dama a Turanci yana hagu, kibiyar komawa baya tana sama ta dama. In ka rubuta jeri daga wayarka ta Turanci ka ce "na ƙarshe a dama" ka tura shi ainihin kishiyar wurin. Rubuta masa الإعدادات ya nema da kansa.

To zaɓin dai ya danganta da wa zai danna da kuma me za a rasa in an yi kuskure. Kai kaɗai ne kana duba kaya ko kana neman wani saiti, Lens ko Circle to Search, ka wuce. Wani za ka jagoranta daga nesa, fara da Lens don ka gane, sannan ka kwafo alamomin ka jera su da wuri da abin da zai gani, ka zana a kan hotonsa. Kuɗi ne ko akawun, ƙara da mutum ko da za ka jira gari ya waye a can. Na Kawu bai kai ga mutum ba, wajen sha ɗaya saura ya turo hoton ƙarshe, Chats, Contacts, Discover, Me a jere a ƙasa, sai murya ta biyo baya, "Allah ya yi albarka, to yanzu shi kuma wannan Alipay ɗin na biyan kuɗi fa?"